Ya ake rubuta rahoton kuskuren magani ba tare da an ɗauki laifi ba?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'aikatan jinya. Ni ce shugabar nas-nas a wani ƙaramin asibiti a Sabon Gari, Zariya, kuma rubutun rahoto ya tsaya mini.

Likita ya rubuta wa wani dattijo mai ciwon suga insulin yunit 10, aka yi masa 20 da ƙarfe 7 na safe. Wajen 9 ya fara gumi da rawar jiki, sugansa ya sauka zuwa 2.8. An kira likita, an ba shi gulukos ta jijiya, ya farfaɗo, an kuma sanar da iyalinsa.

A fayil ɗinsa na san abin da zan sa: abin da aka rubuta, abin da aka ba shi, lokaci, da matakin da aka ɗauka. Dalilin ne ya gagare ni. Yarinyar da ta yi allurar ta ce rubutun bai fita ba, 1 ɗin ya yi mata kama da 2. In na rubuta "ta yi sakaci", na yanke hukuncin da ba nawa ba ne, kuma lauya zai iya kafa hujja da shi. In na tsallake maganar, na ɓoye abin da zai iya maimaituwa gobe a kan wani.

Shin in kawo maganarta yadda ta faɗa, da sunanta? Kuma a fayil zan sa, ko a fom ɗin rahoto kaɗai? Don Allah wanda ya saba ya taimaka.