Zan rubuta wa dila kan jakunkuna, me zan tambaye shi?

Ummi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Na ga wasu jakunkunan mata a wajen wani sabon dila, ina son in yi sarin guda 40. Hoto biyu kawai ya sa, sai ya rubuta 32×12×24 a ƙasa. Ga abin da na shirya tura masa: "Don Allah a turo min cikakken bayanin jakar nan da hotuna masu kyau." Ya isa, ko in ƙara wani abu?

Sadiya: Wa alaikumus salam. Turo min lambar dilan ta gefe, ni ma ina nema.

Ummi: Anti Sadiya ni ma ban saya ba tukuna, wasiƙar nake tambaya a kai.

Maman Hanif: Ummi, kada ki tura wannan. In kika ce "cikakken bayani", abin da ke shafinsa zai kwafo ya maido miki, in kika ce "hotuna masu kyau" ya turo miki waɗanda aka fi gyarawa. Bari in ba ki labarin abin da ya same ni. Na taɓa sarin jaka da aka rubuta faɗinta 32, na tallata ta a matsayin jakar zuwa aiki, har na ce takardar A4 za ta shiga, tunda tsawonta 29.7 ne. Kaya suka iso, na sa tef. Lallai 32 ɗin na nan, amma a gindin jakar ne, kuma daga waje. Jakar tana tsukewa ta sama, bakin zif ɗin 27 ne kawai. Wata malama da ta saya ta turo min hoton fayil ɗinta ya maƙale a baki, rabi ciki rabi waje, ba ta ce komai ba sai hoton. Wallahi da zagina ta yi da ya fi min sauƙi. Mutum shida suka maido. Da na koma wa dila sai ya ce ai bai yi ƙarya ba, kuma gaskiyarsa, ni ce ban tambayi inda aka auna ba.

Tun daga nan ba na karɓar lamba uku a jere. Ina tambayar faɗin gindi, faɗin sama, tsawon buɗewar zif, zurfin ciki, sannan tsayin da ya rubuta da hannun jakar ne ko babu shi. Marataya kuma ya faɗa min tsawonta in an gajarta ta da in an sake ta duka, don mai jiki da siririya ba wuri ɗaya jaka ke sauka musu ba.

Bashir: Ki kuma tabbatar santimita ne. Wasu da inci suke rubutawa, inci ɗaya santimita 2.54 ne.

Sadiya: Inci 32 ai ta tashi daga jaka ta koma akwati.

Malam Habu: Ni a ganina duk wannan dogon rubutun wahala ce. Ki ce ya yi miki bidiyo, shi ke nan. Dila mai kwastoma ɗari ba zai zauna karanta jarida ba.

Maman Hanif: Malam, bidiyo zai gaya mata da me aka yi jakar?

Malam Habu: Ido na gani ai, Hajiya. Shekara nawa muna sana'ar nan.

Maman Hanif: Ido bai ga tawa ba.

Alhaji Tanko: Malam Habu na da gaskiya ta wani ɓangare, doguwar wasiƙa rabinta ake amsawa. Amma maganinsa a sa wa tambayoyi lamba, kowace a layinta, a ce ya amsa a ƙarƙashin kowace. Sau da yawa wanda ke karantawa na'urar fassara yake bi da ita, jimla mai tsawo sai ta rikice. Wanda ya tsallake ta uku kuwa, nan take za ki gani.

Kan abin da aka yi jakar da shi, 'yata, kada ki tambaya "fata ce?" don zai ce miki i. Idan kin ga an rubuta `PU leather`, ba fatar dabba ba ce, yadi ne aka shafe fuskarsa da roba. Ba laifi ba ne, ana sayar da ita sosai kuma tana da kyau, sai dai in ta daɗe ko ta sha zafi da danshi fuskar takan fara ɓarewa, yawanci daga hannu da kusurwoyi. Laifin shi ne ke ki rubuta wa kwastoma "fata zalla". Ki tambaye shi daki-daki: jikin waje da me, shafin ciki da me, haƙoran zif na ƙarfe ne ko na roba, ƙarafunan marataya kuma fenti ne a kansu ko me.

Bashir: In ta iso ki kusanta mata ashana, ta roba narkewa take. Haka ake ganewa.

Sadiya: Bashir, kana so ta ƙona jarinta ne?

Alhaji Tanko: Gwajin na aiki, amma lokacin an riga an biya kuɗi. Gara ta ce ya ɗauki hoton inda aka yanka, kamar ramin marataya ko ƙarshenta in ba a rufe shi da fenti ba. Bayan fatar dabba gashi-gashi ne, bayan ta roba kuwa yadi za ki gani ko soso.

Ummi: Allah ya saka da alheri, Baba. Ga yadda na gyara ɓangaren hotuna: "Ina son hoton jakar da ke hannunku yanzu, ba na talla ba, a hasken rana, ba gyara. Ɗaya da tef a kwance a gindi, ɗaya da tef a bakin zif a buɗe, ɗaya na ciki, ɗaya na ɗinki daga kusa, sai kowace kala ita kaɗai."

Maman Hanif: Yawwa. Ki ƙara cewa a ga farkon tef ɗin da ƙarshensa a hoton. Akwai wanda ya turo min hoto yatsansa a kan sifilin. Kuma ya ajiye farar takarda a gefe, in takardar ta fito rawaya-rawaya kin san kalar jakar ma ba haka take ba. Sannan ki tambaye shi bambancin nawa ake samu tsakanin wata da wata, galibi sukan ce santimita 1 zuwa 2, ke ma ki rubuta hakan a tallarki.

Malam Habu: To ni dai na yi shiru. Amma ku sani in ya ga dama wani hoton zai turo, wani kayan ya ɗaure.

Alhaji Tanko: Shi ya sa ake karɓar samfur guda ɗaya kafin 40, a ajiye shi tare da amsar da ya rubuto. Abu ɗaya da ba wanda ya ambata, awon kwali. In ta jirgin sama za a kawo, ana duba nauyi da kuma girma, a caje ki da wanda ya fi yawa. Kwali mai santimita 60×50×40 ki ninka su, 120,000 ke nan, a raba da 6000 ya ba da kilo 20, ko da a sikeli kilo 11 ne. Wasu da 5000 suke rabawa, ya zama 24. Jakar da aka cusa wa takarda don kada ta lotse wuri take ci. Ki tambaye shi guda nawa ke shiga kwali ɗaya, da awonsa da nauyinsa.

Ummi: To in ce ya cire takardar ya danne su?

Maman Hanif: Kul! Mai tauri in ta karye a tsakiya ba ta miƙewa.

Alhaji Tanko: Mai laushi tana jurewa. Ya danganta da jakar, sa mana hotonta mu gani.

Bashir: Tunda ana maganar jirgi, wa ya san mai kawo kaya da ba ya jiƙa kwali? Nawa na ƙarshe kamar an tsamo shi daga rijiya.

Sadiya: Ummi, har yanzu fa ina jiran lambar nan.