Laftof ɗina na ɗaukar zafi idan kiran bidiyo ya yi tsawo, wa ya taɓa fama da haka?

Maman Hanif: Salam 'yan uwa. Don Allah ina da matsala, duk mitin ɗin da muke yi ta bidiyo farko lafiya lau, amma ana haura minti arba'in haka sai fanka ta fara ihu, wajen kibod ya yi zafi rau, hotona ya riƙa tsayawa, har linzamin ma sai ya riƙa jan ƙafa. Idan na kashe na bar shi ya huta kaɗan sai ya dawo daidai kamar ba shi ba. Windows 11 ne, kuma kullum yana jone da caji.

Bash: Anti ai netwok ne kawai. Nima haka nawa ke yi, ina canja layi ya daina.

Injiniya Auwal: Bash naka daban nata daban. Netwok in ya yi rauni hoto da murya ne ke yankewa, amma ba ya hana linzami tafiya kuma ba ya sa fanka ihu. Hajiya a mitin na gaba ki danna Ctrl+Shift+Esc, Task Manager zai buɗe, ki shiga Performance sannan CPU, ki duba inda aka rubuta Speed. Ki rubuta lambar a farkon kira, ki sake rubutawa lokacin da ya fara nauyin. Kuma a kan me kike ɗora shi?

Maman Hanif: Na duba yau Malam. Da farko yana wajen 3.4 GHz, da ya fara abin nasa sai na ga 0.8 GHz. A kan filo nake ɗorawa a gado gaskiya, kuma ina kunna abin nan mai dusashe bayan mutum saboda kar a ga ɗaki.

Injiniya Auwal: To shi ke nan, zafi ne. Kiran bidiyo mutane na raina shi amma aiki ne da ba ya tsayawa ko na daƙiƙa ɗaya. Kyamararki na ɗaukar hoto har sau 30 a daƙiƙa, dole kwamfuta ta matse kowane ɗaya kafin ta tura, a lokaci guda kuma tana warware bidiyon kowane mutum da ke kan allonki, tana tace hayaniya daga muryarki, ga kuma dusashe baya wanda sai ta nemo inda kanki da kafaɗarki suka ƙare a kowane hoto. Idan rubutu kike ko karatu firosesa na aiki ya huta, aiki ya huta. Nan babu hutun.

Dalilin da ya sa sai an jima kike gani kuma, ƙarfen sanyaya da jikin laftof ɗin suna shanye zafi da farko, a hankali suke cika. Yawancin siraran laftof ɗin nan an gina su ne su iya fitar da zafin kamar wat 15 a jere, amma firosesa na ƙara gudu ya ci fiye da haka idan ya ga akwai dama. Idan ya kusa digiri 95 zuwa 100 sai ya rage gudun kansa da kansa don kar ya lalace, shi ne faɗuwar da kika gani daga 3.4 zuwa 0.8. Filon nan kuma ya toshe ramukan ƙasa inda fanka ke jan iska, tana juyawa ne kawai ba abin da take samu, kamar mutum na fifita a rufe da bargo.

Zee: Ni kam wayata ce ke zafi idan ina kira ina caji, har ta rubuta min wai sai ta huce. Cire mata riga na yi ta ɗan samu sauƙi.

Ɗan Baba: Zee laftof ake magana 😅 Anti shawarata ki sa Best performance a Power mode, ai tunda gudu ne ya ragu sai a ba shi cikakken ƙarfi. Ni da na sa nawa ya fi sauri sosai wajen buɗe abubuwa.

Injiniya Auwal: Wajen buɗe abubuwa gaskiyarka ne, don aikin daƙiƙa biyar ne. A dogon kira kuma shi ke jawo matsalar da wuri, saboda ƙarin gudun nan na can sama yana cin wuta fiye da amfanin da yake bayarwa, sai ya kai iyakar zafi da sauri ya faɗo ƙasa warwas. Gara ya tsaya a matsakaici tun farko har ƙarshe. Hajiya ki shiga Settings, System, Power & battery, ki mayar da Power mode kan Balanced. Idan bai isa ba, akwai Maximum processor state a cikin Power Options na Control Panel, ƙarƙashin Processor power management, ki mai da 100 ya koma 99. Kashi ɗayan nan a injina da yawa yana kashe ƙarin gudun gaba ɗaya. In ba ki ga wurin ba ki buɗe Command Prompt da Run as administrator ki sa wannan:

```
powercfg /setacvalueindex SCHEME_CURRENT SUB_PROCESSOR PROCTHROTTLEMAX 99
powercfg /setactive SCHEME_CURRENT
```

Na lokacin da yake jone da caji ne. In kina so ki maido sai ki sa 100 a gurbin 99.

Ɗan Baba: Na gwada 99 ɗin a nawa, Speed bai sauka ba ko kaɗan Oga.

Injiniya Auwal: Eh akwai waɗanda ba sa ji, musamman sababbi. Duba manhajar kamfanin da ya ƙera shi, da yawa suna da nasu saitin fanka da wuta wanda ke danne na Windows.

Malama Rabi: Ni ina koyarwa ta bidiyo awa biyu a jere, abin da ya fi min aiki ba saitin wuta ba ne ma, a cikin manhajar kiran ne. Na kashe HD, don 720p ɗigon hotonsa ya ninka na 360p sau huɗu kuma ba wanda ya taɓa cewa fuskata ta canja a ɗan akwatin nan. Na daina kallon fuskoki ashirin da biyar a lokaci guda, mai magana kaɗai nake bari. Dusashe baya kuma na kashe shi, na juya teburi na ba bango baya. Abu ɗaya da nake so ku lura, kar ku sa Battery saver kuna tsammanin zai taimaka, ni da na kunna shi sanyi kam ya yi sanyi amma ina fara raba allo murya ta fara karkarwa, ya matse shi fiye da kima.

Maman Hanif: Alhamdulillah, na koma teburi, na sa littafi a ƙarƙashin bayansa ya ɗan ɗaga, Balanced da 99, na kashe dusashewar. Mitin ya wuce awa ɗaya Speed na tsaye wajen 1.6 GHz bai faɗi ba. Fankar dai har yanzu ina jin ta.

Injiniya Auwal: Jin ta ba laifi ba ne, aikinta take. Abin dubawa shi ne ki sa hannu a inda iska ke fita, in ƙara ta yi yawa amma iskar ba ƙarfi to ƙura ta toshe, sai an buɗe an share, in ya kwana biyu a canja man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya don yana bushewa.

Sadiq: Oga ni nawa ya bambanta fa. Speed na maƙalewa a 0.4 GHz amma na duba da HWiNFO zafin bai wuce digiri 60 ba, jikinsa ma ba zafi. Kuma abin mamaki in na zare caja sai ya saki.

Injiniya Auwal: Wannan ba ya kama da zafi, caja nake zargi. Juya ta ka karanta wat nawa aka rubuta, in injin na son 65 ka ba shi 45 zai iya rage gudu don wutar ta isa.

Sadiq: 65 ce a rubuce, tare suka zo.

Bash: To ko batirin ne ya gaji?

Injiniya Auwal: Zai yiwu, ko wayar cajar ta samu rauni daga ciki injin ya kasa gane ta. Ari wata caja mai wat 65 da baki irin na taka ka yi kira da ita, ka bar Task Manager a buɗe ka faɗa mana lambar da ka gani.