Kalmar da ke hana wanki a tambarin tufafi

An yi wata muhawara kan yadda za a gane gargaɗin da aka rubuta da harsunan waje a jikin tufafi. Ta taso ne kan rigar ulu da aka wanke ta tsuke, alhali tambarinta ya yi gargaɗi da Jamusanci: "Nicht waschen", wato kada a wanke. Mai rigar ta gane "waschen" kaɗai, ta tsallake "nicht".

Shawarar da ta fi ƙarfi, ni ma ita na fi yarda da ita, ita ce a fara neman kalmar hani kafin komai. A Faransanci "ne pas" ce, a Italiyanci "non". Saboda haka "Ne pas repasser", "Nicht bügeln" da "Non stirare" duk cewa suke kada a yi guga.

An daɗe kan Italiyanci. "Lavare a secco" ba ya nufin a wanke a shanya, wankin da ba ruwa ake nufi, na masu sinadari. Wata daga cikin masu muhawarar kuma ta ja kunne kan "caldo": zafi yake nufi, ruwan sanyi shi ne "acqua fredda". Wanda ya rikita su zai ga launi ya zuba.

In kalma ta shige duhu, a duba hoton bahon wanki da ke kan tambarin: 30 a ciki na nufin kada zafin ruwan ya wuce digiri 30.