Sikirafa ta lalace amma ba ta yi kuka ba: ku kawo abin da ya same ku

Laminu Zengo:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da ƴar sikirafa da na rubuta da Python, kullum da safe tana shiga wani shafi ta kwaso farashin hatsi, dawa da wake na kasuwannin jihar Damagaram, ta zuba cikin fayil. Wata ƙungiyar mata masu ajiyar cimaka ce ke amfani da shi. Kwanakin baya shugabarsu ta kira ni ta ce fayil ɗin babu komai sai kanun layi. Na duba, sikirafa ta tashi a kan lokaci, shafin ya ba da amsa 200, babu saƙon kuskure ko ɗaya. Ashe masu shafin sun sauya sunan teburin ne, ni kuma ga abin da ke cikin kod ɗina:

```python
layuka = soup.select("table.prix tr")
```

Idan `select` bai sami komai ba, ba ya ƙorafi, jeri maras komai yake maidowa. Sai sikirafa ta zagaya a kan babu, ta rubuta fayil wayam a kan mai kyau na jiya, ta ce ta gama. Duk wanda irin wannan ta taɓa samu, don Allah ya faɗi yadda ya gano da abin da ya sa a kod ɗinsa.

Abdu Mirya:
Wa alaikumus salam Malam Laminu. Ni ma haka ta yi mini a shafin sanarwar neman ma'aikata. Maganinta layi biyu ne: in adadin layuka sifili ne, ta tsaya ta aiko maka saƙo. Tun da na sa wannan hankalina kwance.

Hajiya Rakiya:
Abdu ƙanena, layi biyun nan naka suna kama sifili kawai, kuma sifili shi ne lalacewar da ta fi sauƙin gani. Tawa ba sifili ba ce. Shafin da nake kwasa yana raba sakamako gida-gida, layi 20 a kowane gida, sikirafa tana bin maɓallin "Suivant" har ƙarshe. Kullum ina samun layi ɗari uku da wani abu. Ranar da suka sauya fasalin maɓallin, ta kwashi gidan farko ta tsaya. Layi 20, kowane lafiyayye. Gwajin sifili ya bar ta ta wuce.

Abin da nake yi yanzu, duk gudun da ya yi kyau ina ajiye adadinsa, sai in gwada na yau da tsakiyar bakwai na baya:

```python
tsaka = statistics.median(na_baya[-7:])
if not 0.7 * tsaka <= len(layuka) <= 1.5 * tsaka:
    sys.exit("adadi ya kauce")
```

Na zaɓi `median` ne saboda rana guda mai ban mamaki ba ta jan sa sama ko ƙasa. Iyakar sama ma tana da aiki, domin idan maɓallin ya riƙa maido ka gida ɗaya, layuka ninkuwa suke yi. Sannan a kula, gudun da ya faɗi gwaji kada a sa adadinsa cikin `na_baya`. In ka sa, a hankali 20 ɗin za ta zama ita ce tsakiya, ƙararrawa ta yi shiru da kanta. Kuma duk lokacin da na ga adadi ya tsaya cif a 20, 50 ko 100, gida-gidan nan nake fara zargi.

Sani Birni:
Ni dai matsalata wuta ce da rezo. Da an ɗauke wuta sikirafa ta mutu a tsakiya. Ku sayi batir mai kyau, ko ku ɗora ta a saba ta waje, shi ke nan.

Laminu Zengo:
Malam Sani, Allah Ya kawo sauƙin wuta, amma waccan ai tana nuna kanta, za ka ga saƙon kuskure. Muna maganar wadda ke gamawa lafiya lau alhali abin da ta kawo ba daidai ba ne.

Injiniya Mamman:
Ƙirga ta Hajiya daidai ce, ina yin irinta. Amma bari in ba ku wadda ƙirga ba ta gani, don ita ta fi ɗaukar mini lokaci.

Teburin farashi ne, layuka sun cika kamar kullum. A shafin ana rubuta kuɗi irin na Faransanci, da ɗan fili tsakanin dubbai, buhun hatsi 27 500. Kod ɗin yana cire filin da `replace(" ", "")`, sannan ya ɗauki lambobin farko da `re.search(r"\d+", s)`. Ya daɗe yana aiki. Da masu shafin suka sabunta manhajarsu, filin ya tashi daga wanda muke bugawa ya koma wani siririn fili da ba ya rabuwa, lambarsa `U+202F`. A ido ba ka bambanta su. `replace` bai taɓa shi ba, `\d+` kuma ya tsaya a kansa. Farashin buhu ya dawo 27.

Abu biyu suka ɓoye ta. Na farko, farashin tiya bai kai dubu ba, babu fili a cikinsa, saboda haka duk layukan tiya sun fito daidai. Na biyu, mu nan da jaka muke magana. Wanda ke karanta fayil ɗin ya ga 27, a ransa ya ce jaka 27, ya wuce, ya ɗauka ni na taƙaita. Sai da aka zo lissafin matsakaicin wata, buhu ya fito ƙasa da tiya, sannan aka neme ni.

Na gano ta ne da na buga ɗanyen rubutun da `repr()`, ya nuna mini `'27\u202f500'`. Gyaran kuwa:

```python
s = re.sub(r"\s", "", danye)
if not re.fullmatch(r"\d+", s):
    kurakurai.append(danye)
```

`\s` a Python 3 yana kama wannan filin da ɗan uwansa `\xa0`. Amma abin da ya fi muhimmanci shi ne `fullmatch`. `search` yana gamsuwa da ɗan guntun da ya dace, shi kuwa `fullmatch` sai rubutun duka ya dace, in ba haka ba ya ƙi. Bayan wannan na sa wa kowane gurbi iyaka: buhu kada ya gaza 5000, tiya kada ta wuce 5000. Iyaka ce mai faɗi da gangan, ba tsadar kasuwa nake farauta ba, lambar da ta yanke nake nema.

Abdu Mirya:
To Injiniya, in layi ɗaya ya faɗi gwaji sai a jefar da aikin ranar duka? Shafin da nake kwasa kullum akwai sanarwar da ba su sa ranar rufewa ba.

Injiniya Mamman:
A'a. Kaso nake dubawa. Kowane gurbi ina lissafa kashi nawa cikin ɗari ne babu komai ko ya ƙi siffa, in gwada da abin da ya saba. In ranar rufewa ta saba ɓacewa a kashi 5, yau ta ɓace a 6, ba komai. In ta ɓace a 90, gurbin ya ƙaura ne. Layukan da suka faɗi ina ware su a wani fayil, ba na share su.

Nana Aichatou:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ɗaliba ce a Jami'ar André Salifou, ina tattara kanun labarai don aikin bincikena. Tawa haruffa ce. Wata rana duk inda "é" yake ya koma "Ã©", Matamèye ma sunanta ya rikice, sai tacewata ta daina samun labaran garin, na zaci babu labari ne. Wani malaminmu ya nuna mini cewa idan shafi bai faɗi tsarin haruffansa a kanun amsa ba, `requests` yana ɗauka `ISO-8859-1` ne. Na sa `r.encoding = "utf-8"`, kuma yanzu ina ƙirga "Ã" a sakamako, in ya bayyana ta tsaya. Ban sani ba ko wannan ma siffar gurbi ake kiransa.

Hajiya Rakiya:
Shi ne, ƴata, kuma dabararki ta yi kyau. Tunda kina da sunayen garuruwa, ki ƙara wannan: ki riƙe jerin waɗanda kika san ba sa rasa fitowa, Zinder, Magaria, Tanout, ki duba ko sun bayyana. Ni a teburin kasuwanni haka nake yi da kasuwar Dole. In babu ita, ban yarda da fayil ɗin ba ko da layuka sun cika.

Akwai kuma wadda siffa ba ta kamawa. In suka musanya gurbin hatsi da na dawa, duka lambobi ne, duka suna cikin iyaka. Shi ya sa nake karanta kanun teburin in gwada da jerin da na sani, kuma da sunan gurbi nake ɗauko ƙima, ba da matsayinsa na uku ko na huɗu ba.

Malam Laminu, game da fayil ɗinka da aka taka: ka fara rubutawa a na wucin gadi, gwaje-gwaje su wuce, sannan ka maye gurbin tsohon da `os.replace`. In gwaji ya faɗi, na jiya yana nan. Ka ajiye ɗanyen shafin ranar ma, shi zai nuna maka abin da ya sauya. Sau da yawa za ka buɗe ka tarar shafin neman kalmar sirri ne aka ba ka da amsa 200.

Laminu Zengo:
Na gode Hajiya, yau zan sa. Sai dai iyakar 0.7 ɗin nan tana ba ni tsoro. Kasuwannin ƙauye ba kullum suke ci ba, kowace da ranarta, adadina yana hawa yana sauka cikin mako. Ranar salla kuwa kusan babu komai.

Hajiya Rakiya:
To ka gwada Alhamis da Alhamis ɗin baya, kada ka gwada ta da Laraba. Salla kam ni haƙuri nake yi, ƙararrawa ta yi kuka in duba da idona.

Injiniya Mamman:
A nan na saɓa da ke kaɗan, Hajiya. Ƙararrawar da ke yawan kuka a banza, wata rana mutum zai daina buɗe saƙonta. Ni mataki biyu nake yi: kaucewa kaɗan a rubuta a ajiye kawai, kaucewa mai yawa a tsayar da komai a kira ni.

Hajiya Rakiya:
Wanda aka rubuta aka ajiye wa ke karantawa, Injiniya? Layi 20 ɗina da a can za su kwanta in da iyakar ta yi sako-sako.

Sani Birni:
Ku yi haƙuri in sake dawowa da zancen wuta. Duk gwajin nan cikin sikirafa yake. Ranar da kwamfutar ba ta kunna ba sam, wa zai yi gwajin? Fayil ɗin jiya yana nan da kyaunsa, mutane suna ɗauka na yau ne.

Injiniya Mamman:
Wannan karon ka taɓo wurin, Malam Sani. Dole mai sa ido ya zauna a wata na'ura dabam, ya duba ko fayil ɗin ya wuce awa 24 ba a sabunta ba. Ƴar uwarta ita ce shafin da masu shi suka daina sabuntawa: adadi daidai, siffa daidai, amma farashin makon jiya ne. In akwai kwanan wata a teburin ina duba mafi sabo. In babu, ina gwada sakamakon yau da na jiya, in sun zo iri ɗaya sak kwana da kwanaki ina zargi.

Laminu Zengo:
Nawa teburin babu kwanan wata, kuma bayan girbi farashi yakan zauna wuri ɗaya na tsawon lokaci. Kwana nawa zan jira kafin in ce shafin ne ya tsaya ba kasuwa ba? Wanda ke kwasar farashi a cikinku ya gaya mini nawa ya sa.