Me za mu kira waɗannan kalmomi biyu na takardar fitar da kaya?

Rabi (Aboabo): Assalamu alaikum. Man kaɗanya nake turawa Jamus daga nan Kumasi. A takardar ciniki ta wannan wata akantan da nake aiki da shi ya rubuta `Zero-rated`, sai mai sayen ya aiko cewa in ƙara `Reverse charge`. Na zauna zan yi wa matan ƙungiyarmu bayani sai na ga ba ni da Hausarsu, kuma muddin ban iya faɗar abu da Hausa ba, na san ban gane shi ba. Abu ɗaya ne su biyun? Kuma me za mu kira su?

Baba Iddi: Wa alaikumus salam. 'Yata, ta farkon ba ta da wuya. Gwamnati ta yafe haraji a kan kayan da za su fita ƙasa, sai mu ce "yafaffen haraji". Shi ke nan.

Malam Sani (akanta, Asawase): Baba, a gafarce ni, wannan sunan zai jawo wa Hajiya Rabi asara, don akwai wani abu daban da ya fi cancanta da shi. A dokar Ghana ta VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan sayayya, an raba kayan da aka tsame daga haraji gaba ɗaya, waɗanda ake rubuta wa `Exempt`, da kayan da suke cikin haraji amma an sa musu kashi sifiri. Kayan fitarwa suna cikin na biyun. A wajen mai saye duka ɗaya ne, ba ya biyan komai. A aljihun mai sayarwa ne suke rabuwa.

Hajiya, a ce kin sayi robobi da kwalaye na sidi 10,000, aka ɗora miki kashi 15 cikin 100, wato sidi 1,500. Na bar sauran 'yan harajin da ake liƙawa don lissafin ya fito sarari. Idan kina da rajistar VAT kuma cinikinki na kashi sifiri ne, wannan 1,500 bashi ne kike bin hukumar haraji ta GRA: ki cire shi daga abin da za ki biya, ko ki nemi a mayar miki. Idan kuwa tsamammen kaya ne, ta tafi ke nan, sai dai ki zuba ta cikin farashin man. Na sha ganin mai fitar da kaya yana cike takardar wata a layin da ba nasa ba, yana barin kuɗinsa a hannun gwamnati, don kawai an gaya masa "an yafe". Ni "harajin sifiri" nake ba da shawara. Kalmar haraji tana nan a ciki, tana tuna wa mutum cewa bai fita daga tsarin ba.

Baba Iddi: To, harajin da ba a biya ai ba haraji ba ne. Amma na ji maganar 1,500 ɗin nan, ba zan ja ba.

Abdul-Karim: Madalla da wannan zance. Ni kanti gare ni a kasuwar Kejetia a Kumasi, kuma rabin masu sayena daga Wagadugu suke zuwa. Ke nan in rubuta musu harajin sifiri tunda waje za su kai kayan?

Malam Sani: Kada ka fara, ƙanena. Ka miƙa masa kaya a kantinka, ya ɗora a amalanke ya tafi, ciniki ya ƙare a Kumasi. Mai bincike ba zai tambaye ka ina mutumin ya ce za shi ba, takardar kwastan zai nema, wadda ta nuna kayan sun ƙetare iyakar Ghana da Burkina Faso a Paga da sunanka a matsayin mai fitarwa. In babu ita, harajin da ba ka karɓa ba kai za ka biya daga aljihunka.

Rabi: Malam, to ita ta biyun fa? Bajamushen nan yana jira na.

Ayisha (Nima): Yaya Rabi, wannan na san ta don ina rubuta ta kowane wata. Zanen tambari nake wa kamfanoni, ɗayansu a Hamburg yake. In na yi musu aikin yuro 1,000, ba na ɗora harajin Jamus. Su ne za su lissafa kashi 19, yuro 190, su rubuta a takardarsu ta haraji a can, galibi kuma su cire shi a cikin takardar nan dai. Ga abin da nake sa wa a ƙasa:

```
VAT 0%   EUR 0.00
Reverse charge
```

Sai lambar VAT ɗinsu mai farawa da `DE`. Ni ina ce masa "juyin haraji", don an juya nauyin daga mai sayarwa zuwa mai saye. Ki rubuta masa kawai, ba ya cutar da kowa.

Malam Sani: Ayisha, bayaninki daidai ne, a ƙarshen ne kawai ba mu tare. Naki aiki ne, ba shi da kwali, ba ya ratsa tashar jirgin ruwa, shi ya sa dokarsu ta ce mai saye ya lissafa da kansa. Na Hajiya kaya ne. In sun isa can, harajin shigo da kaya ne zai hau kansu ta hannun kwastan, kuma wanda sunansa yake a matsayin mai shigowa shi zai ji da shi. Ina kyautata zaton ma'aikacin kamfanin ya saba ganin kalmar a takardun 'yan'uwansu na Turai ne, ya ɗauka kowace takarda daga waje haka take. Hajiya, ki tambaye shi wa ke shigo da kayan, ki bar takardarki yadda take.

Abin da nake dubawa a irin taki shi ne sunanki da adireshinki da lambar harajinki, lambar takardar da kwanan wata, sai sunan mai saye da adireshinsa na Jamus. Bayanin kayan nan ne mutane ke yi wa sakaci. Kada ki rubuta "kaya" kawai, ki sa man kaɗanya, roba nawa, kilo nawa, a kan nawa, da wane kuɗi. Layin haraji kuma kada a bar shi fayau, a rubuta `0%` da `0.00`. Sannan nauyin da ke jikinta ya zo ɗaya da na takardar kwastan da na takardar jirgi. In wannan ta ce kilo 2,000 waccan ta ce 1,800, nan mai bincike zai tsaya. Ki kuma adana shaidar banki cewa kuɗin sun shigo, za a neme ta ranar da kika je karɓar haƙƙinki.

Baba Iddi: "Juyin haraji" kuwa bai kwanta min ba. Mutumin kasuwa zai ji kamar juyin mulki, ko kamar an murɗe lissafi. Ku ce "haraji a wuyan mai saye".

Ayisha: Baba, ai kowane VAT a wuyan mai saye yake, har na sabulun da na saya jiya. Abin da ya canza shi ne wanda ke kai wa gwamnati.

Rabi: To in haka ne, me zai hana "harajin kai-da-kanka"? Na gwada shi yanzu a kan Iya Hassana da ke zaune kusa da ni tana ɗaure robobi, ta ce, "Wato ba a ba ɗan aike." Ta gane ba tare da na ƙara komai ba.

Malam Sani: A baki ya yi daɗi, Hajiya. Damuwata a rubuce ne, wani zai karanta "kai" ɗin a matsayin mutum. Kuma shi kamfanin Hamburg sau da yawa ba ya kai ko kwabo, rubutawa yake ya cire. Ni zan ci gaba da "juyin haraji" a ofis har in ji wanda ya fi shi.

Rabi: Harajin sifiri dai na ɗauka, gobe shi zan faɗa wa mata. Na kuma aika wa Bajamushen tambayar da ka ce. Ɗayan sunan, Ayisha, ki gwada nawa a Nima mu ji ko zai shiga kunne.