Taura biyu ba ta taunuwa: zagi ne ko gyara?

Ɗan Fagge: Jama'a ku raba mu. Jiya bayan Isha'i ma'ajin kwamitin masallacinmu ya tashi bayanin kuɗin gyaran rijiyar burtsatse. An tara naira 1,847,350, an kashe 1,612,900, sai ya shiga jero kuɗin bututu da siminti da lebura. Wani dattijo ya katse shi ya ce taura biyu ba ta taunuwa. Ma'aji ya fusata, wai an ce ya ci kuɗi. Zagi ne?

Na-Tasha: Ai a fili take. Bincika ka gani, ma'ajin nan shi ne kuma sakatare. Mai muƙami biyu ake yi wa wannan maganar.

Ɗan Fagge: A'a Malam, sakatare daban ne.

Malama Mai Alli: Ni a ganina kunnen jama'a dattijon yake karewa. Wanda ke zaune a sahu ba takarda a hannunsa, kafin ka gama faɗin 350 ya manta miliyan. Da ma'aji ya ce: cikin kowace naira takwas da kuka bayar an kashe bakwai, saura kusan dubu 235 a asusu, ya yi shiru. Wannan saurar ita ce kowa zai tafi gida da ita. Sauran ya rubuta har kwabo ya manna a allon sanarwa, mai shakka ya je ya duba.

Alhaji Kantin Kwari: Malama, wannan "kusan" ɗin taki nake tsoro. A cikinta ake gina gidan sama.

Malama Mai Alli: Da gaskiyarka Alhaji, akwai inda dunƙulewa ke ɓarna. A ƙidayar 2006 Kano ta samu wajen miliyan 9.4, Legas miliyan 9.1. Ka ce musu duka miliyan tara, ka share tazarar da aka yi ta hayaniya a kanta. Ana datse lamba ne a inda abin da aka zubar ba zai canza hukunci ba. Naira 550 a rijiya ba ta canza komai.

Maman Ummi: Kun tuna min kakata, Allah ya jiƙanta. Man gyaɗa take sayarwa, kuma ita ce uwar adashen unguwa. Da aka canza kuɗi a 1973, fam ɗaya ya koma naira biyu, mata suka rikice, kowa na ganin an cuce ta. Wani ɗan makaranta ya zo da takarda yana karanto musu lissafi, rikici ya ƙaru. Inna ta kore shi. Ta jawo faifai, ta zuba tsakuwa ɗaya ɗaya da sunan kowace mai zubi, ta ce wa mai kwasa: kuɗinki da akuya biyu yake saya, yau ma akuya biyu ne, je ki kasuwa ki tambaya. Shi ke nan aka watse. Har ta rasu da fam da sule take lissafi, in ka ce mata naira sai ta ce mayar min da shi tiya nawa ce ta gero.

Na-Tasha: Allah ya jiƙan Inna. Amma akuya biyu ta ce fa, ga taura biyu ta taunu.

Maman Ummi: Kai dai ba ka rabo da tsiya.

Ɗan Maradi: Mu nan har gobe da dala muke ƙirga sefa. Ka ce wa tsohuwa ɗari biyar, sai ta miƙo maka jika biyu da rabi.

Malama Mai Alli: Dabarar Inna ce ke aiki ko a manyan kuɗi. Kasafin tarayya na 2024 ya kai wajen naira tiriliyan 28.7, ba wanda ya taɓa ganin tiriliyan. Raba shi ga mutum miliyan 220, kowa zai tashi da kamar dubu 130 a shekara, bai cika albashi mafi ƙanƙanta na wata biyu ba, tunda dubu 70 ne.

Alhaji Kantin Kwari: To ina tawa dubu 130 ɗin? Akwai wani mai babbar riga a yankinmu, shi kam ya iya lamba ɗaya. Kowane taro "mun tallafa wa mutum dubu goma". Taliya ce ƙulli ɗaya.

Malama Mai Alli: Shi ya sa in an ba ka lamba guda ka tambaya: cikin mutum nawa, a wata nawa?

Na-Tasha: Ka ga ta zama taura uku.

Ɗan Fagge: Yanzu dai in je in ce wa ma'aji ba zaginsa aka yi ba?

Alhaji Kantin Kwari: Fara tambayo min nawa ya rubuta kuɗin siminti.