Wai me za mu kira gostin ɗin nan da Hausa?

Mai Editin Biki: Salam jama'a. Ina koya wa yaran shagona aiki, kullum sai na ce gostin su tsaya suna kallona. Abin da nake nufi, an ɗau bidiyo da waya a firam 30 a sakan, an kawo mana mun sa a aikin da yake 25, da muka fitar sai ga hannun mai liƙi ya zama biyu, ɗaya sosai ɗaya dishi-dishi a bayansa, har kuɗin da yake watsawa ma bibbiyu ne. Sunan abin nake nema da kuma sunan aikin cire shi. Ni dai fatalwa na fara ce masa.

Ɗan Zinder: Fatalwa kuma? Ka ce wa uwar amarya akwai fatalwa a bidiyon ƴarta ka ga ko za a biya ka cikon kuɗinka. Inuwa ta fi. Tun lokacin talabijin mai eriya in hoto ya yi biyu cewa muke ya yi inuwa, a fita a juya eriya.

Hajiya Mai Kamara: Matsalar inuwa ita ce muna da ita a harkar haske, in na ce wa yaro cire inuwar nan fitila zai je ya matsar. Kuma na eriya daban ne, wancan sigina ce ta bugi gini ta iso a makare, shi ya sa ko mutum na tsaye cik za ka ga biyunsa. Namu sai abu ya motsa yake fitowa.

Sabon Shiga: Ni ma yana min, in na ɗauka da dare a hol hannun mai rawa sai ya yi jirwaye kamar an shafa. Saurin shatar kamara na ƙara ya tafi.

Tsohon Edita: Ƙanena naka ba shi ba ne, naka shata ce ta daɗe a buɗe. Ga yadda za ka bambance, tsayar da bidiyon ka riƙa matsawa firam ɗai-ɗai. In hannun ya ja layi ɗaya a shafe to na shata ne. In ka ga hannu biyu kowanne da bakinsa a fili, kana iya ƙirga yatsun kowanne, to firam biyu ne aka haɗa a ɗaya. Shi ya sa duka fatalwa da inuwa ba su kwanta min ba, suna sa yaro ya zata wani abu ne ya hau kan hoton wanda za a goge. Ba abin gogewa a nan. Ku yi lissafin 30 zuwa 25, duk firam shida sai sun koma biyar. Na farko ya faɗo daidai, tsaf yake. Na biyu ya faɗo tsakanin firam biyu na asali sai manhajar ta ɗebi kashi 80 na wannan da 20 na mai bi masa, na uku 60 da 40, na huɗu 40 da 60, na biyar 20 da 80, sannan a sake zagayowa. Mai Editin Biki je ka ƙirga, ina kyautata zaton ɗaya mai kyau huɗu masu biyu za ka gani, na uku da na huɗu su ne mafi muni.

Mai Editin Biki: Wallahi Malam haka yake, yanzu na duba, ɗaya lafiya huɗu da matsala. To gauraye ke nan? Firam gauraye?

Hajiya Mai Kamara: Gauraye daidai ne a ma'ana amma bai nuna abin da ido ke gani ba. Ni goyo nake ce masa tuntuni, firam ya goya ɗan uwansa. Firam mai goyo. Yarana sun kama shi rana ɗaya, yanzu sai ka ji suna cewa Anti wannan kilif ɗin duk goyo ne.

Ɗan Zinder: Hhhh goyo ya yi. Cirewar sai ta zama sauke goyo ke nan.

Tsohon Edita: Goyo na yarda da shi Hajiya, sauke goyo ne nake da ja a kai, don iri biyu ne aikin. In faifan asali na wayar yana hannunka ba sauke komai za ka yi ba, komawa za ka yi ka hana goyon tun farko. A Premiere ka duba Time Interpolation, har da na wajen fitarwa don mutane na manta wancan, in yana kan Frame Blending ka mai da shi Frame Sampling. A DaVinci Resolve sunansa Retime Process, ka ɗauke shi daga Frame Blend zuwa Nearest. Abin da zai faru zai jefar da firam ɗaya cikin shida, goyo ya tafi amma in kamara na juyawa a hankali za ka ji ɗan tsalle sau biyar a sakan. Akwai kuma zaɓin Optical Flow, shi sabon firam yake ƙirƙira, wani lokaci ya yi kyau, amma wajen rawa da mayafi da kuɗi na tashi sai ka ga yatsu sun narke. In ba magana a wurin, shigowar amarya misali da za a ɗora wa waƙa, ni Interpret Footage nake yi in ce masa 25 ne, sakan goma ya koma sha biyu, ba a jefar da ko ɗaya ba kuma tafiyar ta ƙara nutsuwa ma.

Mai Tsoffin Faifai: Ni nawa ba ni da asalin. Tsohon DVD ne na walimar gidanmu, a nan aka ɗauka da kamarar 25, wani ɗan uwa a Amurka ya sa aka juya shi 29.97 don ya yi a na'urarsu, shi kaɗai ya rage. Duk goyo ne. Akwai dabara?

Tsohon Edita: Naka ya fi sauƙi, don hawa aka yi ba sauka ba. DVD irin wannan rabi-rabin firam yake tafiya, 59.94 a sakan, kowane firam na asali ya samu wajen rabi biyu da ɗan ɗori, yawanci akwai ɗaya a ciki da bai yi goyo ba. A manhajar AviSynth, bayan ka loda faifan, sai ka ware rabe-raben tukuna sannan ka sa a zaɓo masu kyau:

```
QTGMC(Preset="Fast")
srestore(frate=25)
```

Ka gama ka bi shi firam-firam a inda ake motsi da sauri, in ka ga firam na maimaituwa ko yana tsallake to adadin asalin da ka ba shi ba daidai ba ne. Kuma ba duka zai tafi ba, inda ba mai kyau ko ɗaya sai ya bar maka wanda ya fi dama. Kun ga ba sauke wa kowa goyo ya yi ba, masu goyon ya zubar ya bar marasa shi. Tsinta ke nan, kamar tsintar wake. Ni tsince goyo zan ce.

Mai Editin Biki: To in wanda na riga na fitar a 25 ne kawai ya rage fa, an goge na wayar?

Tsohon Edita: Sai haƙuri. Ɗaya cikin biyar ne mai kyau, in ka tsince sauran, firam biyar a sakan za su rage maka.

Ɗan Zinder: Ni dai tsince goyo bai zauna min a baki ba, ana tsintar goyo ne? Sauke goyo ya fi daɗin faɗa, yaro zai gane sauran in ya zauna gaban kwamfuta.

Hajiya Mai Kamara: Ku bar su biyun mana, hana goyo in akwai asali, tsinta in babu. Sauke goyo kuma a bar wa kwastoma, ai shi abin da zai ce a yi masa ke nan.

Mai Editin Biki: Goyo dai ya zauna. Bari in kira ƙanwar ango in ji ko ba ta goge na wayarta ba.